Waƙar Cikar Yaya Bilkisu Shekara Arba'in

Yaya, barka da zagayowar ranar haihuwarki. Ki bi harafin farko na kowane layi daga sama zuwa ƙasa, za ki ga sunanki da wanda mutanen unguwa suke kiran ki da shi. Duk halin da na ambata a ciki, akwai shaidunsa a gidanmu da cikin garin Katsina.

Yau arba'in cif, har yanzu ke ce kan riga ladan farkawa,
A gidanmu duk wata shawara, sai an ji ta bakinki ake zartarwa,
Yarintarki a goyonmu ta ƙare, ba ƙorafi ba gazawa,
Albashinki na fari, ni kika biya wa kuɗin jarrabawa.

Ba kya ɓoye gaskiya, ko Kawu ne ya kauce, cikin ladabi kike tunatarwa,
Idan ranki ya ɓaci, kafin la'asar kin huce, har tuwo kike aikowa,
Littafin masu cin bashinki ya cika, ba wanda kika taɓa takurawa,
Kunun gyaɗarki na azumi, har maƙwabta da kwanukansu suke zuwa,
Inna ta kwanta jinya, ke ce a bakin gado dare da rana, ba gusawa,
Sirrin da aka ba ki ajiya, ko maigidanki ba kya gaya wa,
Uwa ce ke ga marayun Yaya Sani, su da naki ba kya bambantawa.

Uku na dare ma aka buga ƙofa, mayafi kawai kike ja, sai fitowa,
Naƙuda in ta tsananta, muryarki ke sa mai haihuwa samun natsuwa,
Gida-gida kika bi da rigakafin shan inna, kina lallashin magidanta ba gajiyawa,
Oktoba watanki ne, watan kaka, hannunki bai iya riƙo ba sai bayarwa,
Zuwa awo da wuri, karatun da kike wa kowace mai ciki ke nan, kullum maimaitawa,
Ofis kowa ya watse, ke sai kin ga jinin mai jego ya tsaya kike tahowa,
Malumfashi kika koyo aikin, tausayin kuwa gadon Inna ne, ba a aji ake koyarwa,
Allah Ya raya mana ke, mai saka kowa a addu'a, Ya ba ki lafiya da kyakkyawar cikawa.

Na aiko Halima da turmin atamfa, shuɗiya irin wadda kike so. Don Allah wannan karon ki ɗinka ki sa, kada ki ba wa kowa.

Ƙaninki,
Kabiru
Ƙofar Ƙaura, Katsina
Oktoba 2025