Kacici-kacicin Iyali: Takardar Mai Gabatarwa, Daren Asabar

(Bayan kiɗan buɗewa. A fuskanci kyamara.)

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Yau gida biyu ne za su kara: iyalan Malam Sani daga Fagge a damana, iyalan Hajiya Ladi daga Tudun Wada a haguna. Dokarmu ba ta canza ba. Wanda ya riga danna ƙararrawa shi ke da magana, daƙiƙa goma kacal. 'Yan kallo, don Allah ban da raɗa, ina ganinku.

ZAGAYE NA FARKO, NA YARA (maki 2)

Iyaye, a kama baki. Yara, ƙulun ƙulufita!

1. Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya. (Tsintsiya.)
2. Baba na ɗaka, gemu na waje. (Wuta da hayaƙi. A karɓi "hayaƙi" kaɗai.)
3. A wane gari Kogin Kwara ya haɗu da Binuwai? (Lakwaja.)

ZAGAYE NA BIYU, NA KOWA (maki 5)

To, Baba Sani, a gyara zama. Hajiya, yanzu an ba ki baki.

4. A wace jiha ake bikin kamun kifi na Argungu? (Kebbi.)
5. Najeriya ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960. Jamhuriyar Nijar fa? (3 ga Agusta, 1960. Wata da shekara sun wadatar.)
6. Mene ne sunan rijiyar Daura inda aka ce Bayajida ya kashe maciji? (Kusugu.)

(A karanta maki. Hutun talla.)

ZAGAYE NA UKU, MAI ZAFI (maki 10)

Nan fa ido zai raina fata. Duk wanda ya danna ya faɗi ba daidai ba, za a zaftare masa maki biyar, tambaya ta koma ɗaya ɓangaren. A yi shawara kafin a kai hannu.

7. Ku lissafo Hausa Bakwai. (Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram. Biram ce ke yawan kuɓuce wa mutane, kada a taimaka. In sun ce Zariya, a karɓa. In sun sa Zamfara, sun faɗi.)
8. A 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira. Daga ina zuwa ina? (Daga Degel zuwa Gudu. Sai an kawo duka biyun.)
9. A wace shekara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya? (1939.)

IDAN AN YI KUNNEN DOKI

Kowane gida ya rubuta a allonsa, babu ƙararrawa. Wace rana aka mayar da babban birnin Najeriya daga Legas zuwa Abuja? (12 ga Disamba, 1991. Wanda ya fi kusa ya ci.)

(A miƙa keken ɗinki ga gidan da ya yi nasara, buhun shinkafa ga na biyu. A kira yaran gaba.)

Masu kallonmu, sai Asabar mai zuwa da ƙarfe takwas, in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.