Yadda za a daidaita hoton majigin aji 2B

Zuwa ga malaman da ke shiga wannan aji, assalamu alaikum.

Tun da aka kafa majigin nan kuke kawo ƙorafi cewa hoton ya karkace: gefen dama ya fi na hagu tsawo, ɗaliban da ke zama wajen taga kuma ba sa iya karanta ƙananan rubutu. Majigin lafiyarsa ƙalau. Fanka ce ta tare tsakiyar silin, dole aka ɗaure shi santimita 40 hagu da tsakiyar allo, aka juya kansa dama don hasken ya faɗa kan allon. Haske kuwa ƙara buɗewa yake yi gwargwadon nisan da ya yi. Gefen dama na allon ya fi nisa da gilashin majigin, shi ya sa hoton ya fi faɗi a can.

Hanyoyin gyara biyu ne, kuma ina roƙonku kada ku fara da wadda ta fi sauƙi.

Mai sauƙin ita ce Keystone da ke cikin Menu. Abin da take yi shi ne matse gefen da ya buɗe har ya yi daidai da ɗan'uwansa. Majiginmu yana da ɗigo 1280 a kwance da 800 a tsaye, kuma duk matsewar da aka yi, wasu ɗigogin ne aka bari babu aiki, aka cusa hoton cikin sauran. Idan bidiyo ake kallo ba a cika lura ba. Amma malamin lissafi da ya sa jadawali mai siraran layuka zai ga sun yi kamar haƙoran zarto, 3 ta soma kama da 8 ga yaron da ke bencin baya. Ku kashe fitila ku duba, za ku ga wani haske mai ruwan toka kewaye da hoton, har yanzu a karkace. Asalin hoton ke nan, ɓoye shi kawai aka yi.

Ta biyun ita ce Lens Shift, wato ƙananan maƙunnai biyu da ake murzawa a jikin majigin, ɗaya na kwance, ɗaya na tsaye. Su gilashin kansa suke gusarwa, hoton ya matsa gaba ɗayansa, ɗigo ko ɗaya bai salwanta ba.

Ga yadda za a yi. A samu wanda zai riƙe tsani, kuma kada a leƙa cikin gilashin yana kunne.

1. A shiga Menu a mayar da H-Keystone da V-Keystone kan 0, a kashe Auto Keystone. Sai a kunna Test Pattern don layukan awo su fito.

2. A sassauta ƙusoshin maɗaurin, a juya majigin ya fuskanci bango sak. Hoton zai zame hagu ya hau bango. Kada wannan ya dame ku. Abin da ake nema shi ne gefen hagu da na dama su zo tsawo ɗaya. A sa tef a auna, ido yana yaudara.

3. A murza maƙunnin kwance a kori hoton zuwa dama. Namu yana iya gusar da kashi 10 cikin 100 na faɗin hoto. Faɗin mita 2 ne, ke nan santimita 20. Da ya tsaya, a ƙyale shi, kada a tilasta. Idan ya tsaya da wuri, maƙunnin tsaye ne ya kai ƙarshe, domin biyun ba sa kaiwa ƙarshe lokaci guda. A ɗan dawo da na tsayen.

4. Saura santimita 20. Nan ne za a juya kan majigin dama kaɗan. Da yake tazararsa da allo mita 3 ce, juyin bai kai digiri 4 ba, alhali a da yana kusa da 8. A ɗaure ƙusoshin.

5. Yanzu ne H-Keystone ke da amfani. A riƙa danna shi ɗaya-ɗaya har gefunan su yi daidai. A cike allon da Zoom, sannan Focus a ƙarshe.

Wajen Focus, a buɗe shafi mai rubutu tun daga wannan gefe zuwa wancan, mutum ɗaya ya koma bencin ƙarshe ya karanta. Keystone ba ya gyara dishi-dishi: idan tsakiya ta fito tas amma dama ta dushe, juyin ya yi yawa, a koma mataki na 2.

Ranar Asabar zan sa alamar fenti a jikin maƙunnan biyu da maɗaurin. Idan masu shara suka taɓa shi da sandar yana, a mayar da komai kan alamar kafin a taɓa rimot. Wanda ya gwada bai yi ba, ya aiko ɗalibi ɗakin kwamfuta, ina nan har ƙarfe 2 na rana.

Malam Sani, ɗakin kwamfuta