A Taimaka Mu Samar wa Mutum 1,200 Ruwan Sha Mai Tsabta: Rijiyar Burtsatse Mai Sola da Asusun Gyaranta

Muna neman gudummawarku domin haƙa rijiyar burtsatse guda ɗaya mai aiki da hasken rana, wadda za ta shayar da wani ƙauye da unguwanni biyu da ke maƙwabtaka da shi. Mutanen da ke zaune a wuraren uku sun kai 1,200, bisa ƙidayar da muka yi gida-gida tare da dattawansu. Jimillar kuɗin aikin da abin da aka tara zuwa yanzu suna nan rubuce a sama, kuma ana sabunta su duk lokacin da gudummawa ta shigo.

Halin da ake ciki

Da damina mutanen nan daga kududdufi suke sha, wanda shanu da awaki ma a nan suke sha. Idan rani ya yi nisa kududdufin ya ƙafe, sai a koma rafi, a tona yashi da hannu da ƙwarya, a zauna ana jiran ruwa ya tsatso kaɗan-kaɗan. Ruwan yana fitowa ja, sai an bar shi ya kwanta a cikin bokiti kafin a tsiyaye a jarka. Zuwa da dawowa, haɗe da jiran layi, yakan ci awa biyu ko fiye. Jarka mai lita 20 idan ta cika nauyinta ya kai kilo 20, kuma galibi mata da yara 'yan mata ne ke ɗaukarta a ka. Malaman makarantar firamaren ƙauyen sun shaida mana cewa da rani 'yan mata da yawa ba sa shigowa aji sai hantsi ya ɗaga, wasu ma ranar ta wuce su ke nan.

Akwai tsohuwar rijiyar guga a tsakiyar ƙauyen, amma ba ta da murfi, kuma tana ƙafewa tun kafin rani ya raba. Akwai kuma famfon tuƙa-tuƙa da aka kafa shekarun baya. Ya yi aiki na ɗan lokaci, wata roba ta cinye a cikinsa, babu wanda aka koya wa gyara, babu kuɗin da aka tanada, shi ke nan ya tsaya. Yau yara ne ke lilo a hannunsa. Wannan famfon shi ya sa muka tsara aikinmu yadda za ku gani a ƙasa.

Ruwa irin wannan shi ke yaɗa gudawa da kwalara da taifot, shiga cikin kududdufi kuma na jawo tsargiya. Gudawa na cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya, alhali cuta ce da ake iya karewa. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya nuna cewa a 2022 mutum biliyan 2.2 ne ba su da ingantaccen ruwan sha a inda suke zaune. Tun a watan Yulin 2010 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa samun ruwa mai tsabta haƙƙi ne na kowane ɗan Adam, a 2015 kuma ƙasashen duniya suka ɗauki alƙawarin kai shi ga kowa kafin 2030. Alƙawarin bai iso ƙauyen nan ba tukuna.

Abin da za a gina

Kafin injin haƙa ya shigo, masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa zai auna wurare da na'ura domin gano inda ake sa ran samun ruwa. Wurin da aka zaɓa dole ya kasance aƙalla mita 30 daga kowane masai ko turken dabbobi, kuma mai filin zai sa hannu a gaban shaidu cewa ya bar wa jama'a shi. Wannan takardar ba ƙaramin abu ba ce. Rijiyar da aka haƙa a filin wani ba tare da rubutu ba, wata rana sai a wayi gari an kewaye ta da katanga.

Bayan haƙa za a zura bututu, a zuba tsakuwar tace ruwa a kewayensa, a toshe saman da siminti don kada ruwan sama mai datti ya gangara ciki. Daga nan a yi ta jan ruwa na tsawon sa'o'i ana auna yawan abin da rijiyar ke iya bayarwa ba tare da ta janye ba. Sakamakon wannan gwajin ne zai nuna girman injin jan ruwan da za a saya, don haka ba za mu sayi inji ba sai an gama shi. Abin da muke nema shi ne lita 20 ga kowane mutum a rana, wato lita 24,000 ga mutum 1,200. Farantan sola za su tuƙa injin da rana ya cika tankuna biyu masu lita 10,000 kowanne a kan hasumiya, ruwan ya riƙa gangarowa da kansa zuwa wuraren ɗiba uku, kowanne da kan famfo huɗu, ɗaya a kusa da makaranta. An tsara su yadda babu gidan da zuwa da dawowarsa, har da layi, zai wuce minti 30, wanda shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke amfani da shi.

Babu wanda zai sha ruwan sai an kai samfurinsa ɗakin gwaji. Ƙa'idar ita ce kada a samu ƙwayar cutar da ke fitowa daga bayan gida ko ɗaya a cikin mililita 100, sannan a duba sinadarai irin su fuloraid da asenik da naitaret, waɗanda ba a gane su da ido ko ɗanɗano. Za mu wallafa takardar sakamakon yadda ta fito. Ruwan na mutane ne, na sha da girki da wanka. Ba a yi lissafinsa don shayar da garken dabbobi ko noman rani ba, kuma mun faɗa wa mutanen ƙauyen haka tun a zaman farko.

Bayan an tafi da injin haƙa

A nan ne ayyuka irin wannan suka fi mutuwa, kuma a nan muka fi sa hankali. Haƙa rijiya aikin 'yan kwanaki ne. Abin da ke da wuya shi ne a dawo bayan shekara biyar a tarar ruwa na zuba.

Mutanen ƙauyen sun riga sun zaɓi kwamitin ruwa na mutum bakwai, huɗu daga cikinsu mata, tunda su suka fi kowa sanin ranar da famfo ya fara rage ƙarfi. Za a horar da matasa biyu kan aikin yau da kullum: goge ƙura daga farantan sola, canza kan famfon da ya fara ɗiga, ɗaure bututun da ya fashe, wanke tanki. Gyaran da ya fi ƙarfinsu kuwa akwai makanikin da za mu ƙulla yarjejeniya da shi na shekara biyu. Kowane gida zai riƙa ba da ɗan abin da jama'ar suka yanke da kansu duk wata, a zuba a asusun banki da ba a cire komai daga cikinsa sai da sa hannun mutum uku. Gidajen marayu da tsofaffin da ba su da mai taimaka musu, kwamitin ya ɗauke musu. Wasu masu bayarwa kan tambaye mu don me talaka zai biya kuɗin ruwan da aka ba shi kyauta. Amsarmu ita ce injin zai lalace wata rana, wannan babu makawa, kuma gara ranar ta tarar da kuɗi a ajiye da a ce sai an jira wata ƙungiya ta biyo ta hanyar. Su ma mutanen ƙauyen sun ɗauki nauyin haƙa ramin bututu da kawo yashi da tsakuwa.

Inda kuɗinku zai tafi

Daga kowace 100 da aka bayar, 38 na haƙa ne da bututun cikin rijiya, 27 na inji da farantan sola da tankuna da hasumiya, 10 na shimfiɗa bututu da gina wuraren ɗiba. Binciken ƙasa da gwajin ruwa za su ci 7. Horo da kayan gyara da kuɗin buɗe asusun kwamiti 10. Ragowar 8 na gudanarwa ne, wato sufuri, kuɗin da banki ke cira da ladan mai binciken kuɗi. Ba ma cewa duk abin da kuka bayar ƙauye yake tafiya kai tsaye, domin ba gaskiya ba ne. Amintattun ƙungiyarmu dai ba sa karɓar albashi ko alawus daga wannan kuɗin.

Za mu karɓi farashi daga 'yan kwangila aƙalla uku kafin a zaɓi ɗaya, kuma ba za a ba kowa kuɗinsa gaba ɗaya ba. Biya zai kasance kashi-kashi, bayan injiniya mai zaman kansa ya duba kowane mataki ya sa hannu. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwangilar zai zauna a hannunmu har sai ruwa ya yi wata shida yana zuba lafiya.

Idan abu bai tafi daidai ba

Binciken ƙasa yana rage haɗari, amma ba ya ba da tabbas. Ana iya haƙawa a tarar babu ruwa, ko ya yi kaɗan. Idan haka ta faru za mu sanar da ku cikin mako guda, da rahoton mai haƙa, a koma wuri na biyu da masanin ya nuna, mu kuma bayyana ƙarin kuɗin da hakan ya jawo kafin a ci gaba. Idan shekara ta cika ba a tara abin da ake nema ba, za mu tuntuɓi kowane mai bayarwa ya zaɓa: a mayar masa da kuɗinsa, ko a sa shi a gyaran tsohon famfon tuƙa-tuƙa da rufe bakin rijiyar guga. Idan kuma an samu rara, asusun gyara za ta shiga. Ba za a karkatar da kuɗin zuwa wani aiki ba sai da izinin mai shi.

Da zarar kuɗi sun cika, muna sa ran kammalawa cikin mako 12, kuma da rani za a yi haƙar, lokacin da ruwan ƙasa ya fi yin nisa kuma hanya ke ɗaukar babbar mota.

Yadda za ku bayar

Ku danna maɓallin gudummawa da ke ƙasa, ku rubuta adadin da ya sawwaƙa, sau ɗaya ko duk wata. Babu abin da ya yi kaɗan. Rasit zai zo muku nan take, wanda kuma ba ya son a ga sunansa yana iya ɓoye shi. Ba ma sayar da bayananku, ba ma ba wa kowa, kuma babu wakilinmu da zai kira ku ya ce ku tura kuɗi asusun wani mutum. Lambar rajistar ƙungiyar da rahoton kuɗinmu na bara, wanda mai bincike daga waje ya tantance, suna haɗe da wannan bayani ga duk mai son dubawa kafin ya bayar.

Duk wanda ya bayar zai riƙa samun rahoto kowane wata har a gama aiki, da hotuna da kwafin rasit, sannan sau biyu a shekara na tsawon shekara uku kan ko ruwa na zuba da abin da ke cikin asusun gyara. Mai tambaya ya rubuto mana ta wurin aika saƙo da ke ƙasan maɓallin, za mu ba shi amsa cikin kwana uku na aiki. Mun gode, Allah ya saka da alheri.