Hanya Biyu ta Malam Hamisu

Kaka ta yi albarka a ƙasar Maradi, har manoman Tibiri da Madarumfa da Gidan Rumji suka cika kasuwa da wake, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Alhaji Mamman, wanda ya daɗe yana fataucin hatsi a bayan babbar kasuwa, ya yi amfani da wannan dama ya tara buhu 120 a magazansa, da niyyar ya riƙe su har bazara, lokacin da ƴan kasuwar Jibiya da Katsina ke biyowa ta Ɗan Isa suna neman wake ido rufe. Abu ɗaya ne yake hana shi barci, wato ƙwari, domin duk mai harkar wake ya san cewa ƙwan ƙwaron tun daga gona yake biyo kaya, kuma cikin ƴan watanni sai a kwance buhu a tarar da gari da ƙwayoyi masu huji.

Yaronsa Lawali yana zaune a bakin ƙofa yana ɗinke bakin wani buhu da basilla, sai ga Malam Hamisu ya tsaya da moto, an ɗaure kwali biyu a baya. Malam Hamisu tsohon abokin ciniki ne, yakan ɗauki gero da dawa a wurin Alhaji ya kai ƙauyuka, kuma a littafin bashi da Lawali yake rubutawa akwai jika 180 a kansa tun kafin damina. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya, aka zuba masa shayi, sannan ya buɗe kwali ɗaya ya fito da gwangwani mai murfi ya ajiye a kan tabarma.

"Alhaji, don zumunci na fara zuwa wurinka kafin kowa," in ji shi. "Wannan maganin ƙwarin wake ne, ƙwaya ce da ake naɗewa a tsumma a jefa cikin buhu. Ka ga dai yadda zafi ke tahowa. Hanya biyu ce a gabanka, ba ta uku: ko ka karɓi kwalin nan biyu ka tsare dukiyarka, ko ka zuba ido ƙwari su mayar da buhu 120 gari. Kuma ba sai ka fidda ko dala ba, a cire daga abin da kake bi na, mu rabu lafiya."

Alhaji ya yi shiru yana jan carbi, yana duban tulin buhunan da suka kusa taɓo kwano. Malam Hamisu ya ga maganar ta fara kama shi, sai ya ƙara wuta, ya ce akwai mutum uku da ke jiran kayan a tasha, in ya tashi da su ba zai dawo ba. Wannan magana ta mutum uku a tasha, duk wanda ya zauna a kasuwa ya taɓa jin irinta, amma tsoron hasara yakan sa babban mutum ya manta abin da ya sani.

Lawali ya soke basilla a jikin buhu, ya matso ya durƙusa a gefen tabarma.

"Alhaji, a yi mini izini in yi tambaya, don in ƙaru."

"Yi tambayarka."

"Baba Hamisu, Allah ya ƙara girma, bara ba ku kawo mana wannan magani ba, kuma mun ajiye wake har watan azumi, bai lalace ba. A cikin hanyoyin nan biyu, wacce muka bi?"

Malam Hamisu ya yi dariya, ya ce bara daban, bana daban, kuma yaro bai san wuta ba sai ta ƙona shi. Lawali bai mayar da martani ba. Ya tashi ya shiga can ƙuryar magaza, ya jawo wani buhu da ya rage daga kayan bara, ya kwance igiyar buhun waje, sannan ya kwance leda ta farko, ya kwance ta biyu, domin kowacce an murɗe bakinta an ɗaure ta ita kaɗai. Ya cusa hannu ya ɗebo wake ya baza a faifai. Waken fari tas, ba huji, sai ƴan matattun ƙwari biyu ko uku da suka bushe a tsakanin ƙwayoyin.

"Wannan buhu mai hawa uku ne, wanda ake kira PICS," in ji Lawali. "Ma'aikatan cibiyar binciken noma ta INRAN da ke nan Maradi sun daɗe suna koya wa manoma aiki da shi, kuma ana sayar da shi a cikin kasuwar nan. In wake ya bushe sosai aka ɗaure ledojin da kyau, ƙwarin suna shanye ɗan iskan da ya rage su mutu, ba a sa ko ƙwaya ɗaya ta magani ba. Bara buhu 40 kawai muka sa, shi ya sa Alhaji bai riƙe abin a ransa ba. Ga kuma tanon ƙarfe guda shida a bayan shago, in an cika su an toshe baki, aikinsu ɗaya ne. In ma duk wannan bai samu ba, Alhaji yana iya sayar da rabi yanzu ya riƙe rabi, ko ya sayi magani a wurin wani. Ni dai ban ga inda aka rubuta cewa wanda bai sayi kwalin nan ba ya zaɓi ƙwari ba."

Alhaji ya ɗauki gwangwanin ya juya shi a hannu. Ko da murfin yana rufe, wani wari mai kama da na tafarnuwa yana tashi daga jikinsa, kuma wurin da ya kamata a ga ranar da maganin zai daina aiki an kankare shi har ƙarfe ya fito. Ya tuna cewa Lawali da maigadi a zauren magazan suke kwana, ƙofa ɗaya ce tsakaninsu da kayan, alhali hayaƙin irin wannan ƙwaya yana kashe mutum in ya shaƙe shi a rufaffen ɗaki. Ya ajiye gwangwanin nesa da kofin shayi.

Fuskar Malam Hamisu ta canza, ya rage murya.

"Alhaji, bari in faɗa maka gaskiya. Kuɗina duk sun shige cikin maganin nan. Ko ka karɓe shi a bakin bashinka, ko kuwa ka haƙura da jika 180 ɗin, don ba ni da abin ba ka."

Lawali ya buɗe baki zai yi magana, sai Alhaji ya ɗaga masa hannu, domin maganar bashi tsakanin manya ce, kuma a wannan karon ba ya buƙatar a nuna masa.

"Hamisu, ka sake kawo mini hanya biyu," in ji shi, yana murmushi. "Ba kai ne ka ce mini ayarka ta yi kyau bana a gonar Cadawa ba? Kawo mini buhu uku a farashin kasuwar ranar da ka kawo, abin da ya rage ka riƙa biya jika 10 duk Juma'a. Maganin nan kuwa ka mayar wa wanda ya ba ka shi, ka tambaye shi wa ya kankare ranar, kada ka kai shi ƙauye wani ya zuba a ɗakin da ƴaƴansa ke kwana."

Malam Hamisu ya yi ta jan magana, ya nemi a mayar da jika 10 ɗin jika 5, aka tsaya a kan 7. Lawali ya ɗauko littafi ya rubuta sharaɗin a gabansu, ya karanta da ƙarfi, kowa ya ce ya yarda. Sannan ya taimaka aka ɗaure kwalayen a bayan moto yadda suka zo.

Da ƙarar moton ta yi nisa, Alhaji ya zaro kuɗi daga aljihun riga ya ƙirga ya miƙa wa Lawali.

"Je ka sayo buhu 80, ka hura kowace leda ka duba ko tana da huji kafin ka biya. In ka dawo ka kira ƴan dako, gobe da sassafe a baza waken a rana kafin a juye. Kuma nan gaba, in ka ga irin wannan, ka fara raɗa mini a kunne, Hamisu ya girmi babanka."

"To, Alhaji," in ji Lawali, ya ɗauki kekensa ya nufi layin masu buhu.