Bayanin Aiki: Gyaran Hoton Walimar Sauka ta Aboabo

Assalamu alaikum ƙanena, ya aiki, ya mutanen gida?

Ga aikin da muka yi magana a waya. Hoto ɗaya ne tal, na taron walimar saukar Alƙur'ani da aka yi ranar Lahadi a Aboabo. Inci 16 da 24 za a buga shi, a sa masa firem a rataye a zauren Malam, sannan iyayen yara kowa zai karɓi ƙarami. Ka ga ke nan hoto ne da za a tsaya a gabansa a ƙura masa ido, kowa yana neman nasa.

Na zuba maka fayil huɗu a Google Drive. Uwar aikin ita ce DSC_0412.NEF. DSC_0409.NEF da DSC_0415.NEF na ɗebo gyara ne kawai, na huɗun kuma zan zo kansa. Duk inda na ce dama ko hagu, ina nufin damarka da hagunka kai mai kallon hoton. Layin gaba mutum bakwai ne a zaune, Malam a tsakiya, yara shida da allunansu. Layin baya iyaye ne a tsaye.

Abin da za ka cire. Ledojin ruwa da aka sha aka yar a gaban tabarma, na ƙirga biyar, ka duba ko akwai ta shida ƙarƙashin kujerar Malam. Wayar lasifika da ta ratso ta kusurwar hagu. Sandar kanofi da ta tsaya daidai bayan Hajiya, ta uku daga dama a layin baya, kamar daga kanta ta tsiro. Fostocin zaɓen Disamba da suka rage a bango, ka share su duka, gidan Malam na kowa ne, kada a rataye hoto wani ya ce an ɗauki ɓangare. Amma ka mayar da bangon yadda yake da ɓawon fentinsa, ban ce ka yi masa sabon shafe ba. A bangon nan Clone Stamp yakan tona asiri, tabo ɗaya ya fito sau huɗu a jere, sai ka riƙa sauya inda kake ɗebowa. Akwai kuma wani bawan Allah a gefen dama da ya ɗaga waya yana ɗaukar nasa, hannu da rabin kafaɗa kawai suka shigo, ka fitar da shi.

Ɗan yaron da ya leƙo ta tsakanin ƙafafun iyaye kuwa ka bar shi. Jikan Malam ne, kuma shi ya fi ba Malam dariya da na nuna masa a kyamara.

Abin da za ka ƙara. Masu sauka bakwai ne, shida suka fito. Na bakwai ya tafi alwala daidai lokacin da kowa ya natsu, da ya dawo kuma layin baya ya fara watsewa. Yana cikin 0415, a ƙarshen hagu, mai shuɗiyar jallabiya. Ka ɗauko shi ka zaunar da shi a wurin nan dai, akwai gurbinsa a tabarma. Minti biyu ne tsakanin hotunan kuma kyamara na kan ƙafarta ban motsa ta ba, don haka girmansa zai yi daidai. Inuwarsa ce za ta ba ka aiki. Hasken daga hagu yake shigowa, inuwar yaron za ta faɗa kan gwiwar na kusa da shi da kuma tabarma. In babu ita, zai fito kamar an manna shi da gam, kuma mahaifiyarsa ce za ta fara gani.

Fayil na huɗu, marigayi.jpg, hoton mahaifin yarinyar da ke hannun daman hoton ne kusa da Malam, wanda Allah ya yi wa rasuwa bara. Danginta sun so a tsayar da shi a layin baya tare da sauran iyaye. Na zauna da kawunta, na ce masa ni dai ban ga dacewar a nuna mutum a taron da bai halarta ba, yarinyar nan za ta girma da hoton. Ya fahimta. Abin da muka tsayar shi ne a sa shi cikin ɗan zagaye a kusurwar sama ta dama, tsayinsa kada ya wuce inci 3, a rubuta "Allah ya jiƙansa" a ƙasa. Wannan a kwafin gidansu kaɗai, babban na zaure babu shi. Hoton fasfo ne aka ɗauka da waya, ka rage ƙyallin takardar, ka share sawun sitefula, ka tsaya nan.

A ƙasan hoton ka ƙara farin gefe mai faɗin inci 1, cikin girman nan na 16 da 24, ka rubuta layi biyu:

Walimar Saukar Alƙur'ani Mai Girma
Aboabo, Kumasi, Sha'aban 1446 / Fabrairu 2025

Ka zaɓi harafin da ke da ƙ mai lanƙwasa, ka duba da idonka. Wasu sukan mayar da ita akwati, ko su aro ta daga wani harafin ta fito wata iri.

Abin da za ka canja. Kanofin ja ne, ya zuba wa kowa ja a fuska, farar babbar rigar Malam ma ta koma ruwan hoda. Ka daidaita launi da rigar, fara ce sol. Aikin da ke wuyanta ya ɗan ƙone da haske, amma yana nan cikin fayil ɗin, ka jawo shi har zare ya fito. Alhaji na biyu daga hagu a baya ya rufe ido, ka ɗauko idonsa daga 0409. Hoton ya ɗan karkata dama, ka miƙe shi da bakin ƙofa, kada ka yanke ƙafar kowa.

Yanzu ga inda na fi so ka saurare ni. Kada ka haskaka fatar kowa. Bara na ba wani aikin suna, ya dawo mini da maijego fara fat, fuska sumul kamar roba, kakar jaririya kuma ya goge mata zanen kumatu wai tabo ne. Tsohuwar ta juya hoton ta sake juyawa, ta ce, "Wannan kuma matar wa ce?" Da kuɗina na sake bugawa. Don haka zanen fuskar Hajiya, tabon sallah a goshin Malam, furfura, wushirya, lallen hannun 'yan mata, duk su zauna. Ƙyallin zufa a goshi za ka iya ragewa, da ƙurjin da ya fito wa yaro na biyu. Liquify kada ka ko buɗe shi.

Rubutun alluna da zayyanarsu ma haka. Kada ka cike, kada ka kwafa daga wani allon, ko da wuri ya dushe. Ɗigo ɗaya ya ƙaura, harafi ya zama wani, kuma masu kallon nan mahaddata ne.

Ka maido mini PSD da leyoyinsa a rarrabe, kowace da sunan abin da ta gyara, da TIFF biyu na bugu, mai marigayi da marar shi, da JPEG ƙarami na waya, duka a sRGB. Asalin hoton 6016 da 4016 ne, kusan 250 ppi ke nan a wannan girman, ya isa, ba sai ka kumbura shi ba. In ta WhatsApp za ka turo gwaji, ka turo shi a matsayin Document don kada ya matse.

Kuɗin aiki sidi 300 kamar yadda muka yi, na tura rabi ta MoMo, saura in ka gama. Gyara sau biyu yana ciki. Hoton akwai yara da matan aure, kada ka sa shi a shafinka sai na nemo izini. Ina son ganin gwajin farko Talata da dare, don Alhamis da safe zan kai wa mai bugu a Adum, Malam yana so ya rataye kafin azumi. Duk abin da ka gani wanda ban ambata ba, ka zagaye shi da ja ka turo mini kafin ka taɓa.

Na gode, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka gaida Umma.