Gidan Alhaji Mudi, Babi na Ƙarshe: Littafin Bashi

Ranar Asabar da hantsi Alhaji Mudi ya sa aka kai shi Kantin Kwari, karo na farko tun da ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Bai hau kujerarsa ba. Ɗanliti, yaron shagonsa, ya shimfiɗa masa darduma a gindin bandiran shadda, shi kuma ya nuna wa Binta kujerar da sanda.

"Zauna, Uwata."

"Baba, don Allah ka yi haƙuri. Ina da aji, ɗalibaina jarrabawa suke jira. Kuma duk layin nan wace mace ka gani zaune a shago? Ga Yaya Sani."

"Sani ya sayar da gonar Bichi, a bakin dillali na ji." Ya yi tari, ya goge baki da gefen rawani. "Da ruwa ya ci kasuwar nan a 2022, wa ya shanya atamfa a tsakar gida, ya ware wadda ta zuba, ya rubuta mini asarar har turmi na ƙarshe?"

Ta sunkuyar da kai.

Ya zura hannu cikin aljihun 'yar ciki ya fito da littafin nan mai baƙin bango, wanda ko Hajiya ba ta taɓa buɗewa ba. Rabinsa ajami ne, gefen takardun duk jan goro. Ya riƙa bin sunayen da yatsa.

"Wannan na Maraɗi, kada ki tambaye shi sai bayan kaka, zai kawo da kansa. Wannan kuwa bakinsa zuma, kada ki ba shi ko ƙyalle sai kin ga kuɗi a ƙasa. Matar nan ta Damagaram na soke nata, marayu take riƙo. Ko ta kawo, kada ki karɓa."

Sai ya juya shafin ƙarshe. Nan waɗanda suke bin sa ne, mutum huɗu.

"Mahaifina da jaki ya yi fataucin goro daga Gwanja, ya koma ga Allah ba a bin sa ko anini. Ni ban samu haka ba. Ba na so a tsaya kan gawata ana cigiyar masu bina bashi, a rasa mai amsawa."

Hawaye ya zubo mata. Ta karɓi littafin da hannu biyu.

"Zuwa ƙarshen hutu kawai, Baba. Ban yi alkawarin fiye da haka ba."

"Allah Ya yi miki albarka."

Wata mata da ke haɗa lefen ɗanta ta leƙo, ta ɗaga shadda ruwan toka. "Alhaji, ya jiki? Nawa za ka bar mini wannan?"

Alhaji ya ci gaba da jan carbinsa, ko kallonta bai yi ba. Ɗanliti ya dubi Binta. Da matar ta gaji da jira, ta yi tayi da kanta.

Binta ta share ido da bakin hijabi, ta ja kujerar ta zauna, ta murza shaddar tsakanin yatsunta.

"Albarka, Hajiya. Ko uwar kuɗin ba ki kai ba. Ƙara dai."