Bitar Jarrabawa: Zagayen Manufar Gwamnati, Daga Shiga Ajanda Zuwa Auna Sakamako

Ga ɗaliban aji biyu na darasin Gudanar da Mulki, Gusau. Ku haɗa wannan taƙaitawa da abin da kuka rubuta a aji, ba ta isa ta tsaya ita kaɗai ba.

Ku fara da ma'ana. A wurin Thomas Dye, manufar gwamnati ita ce duk abin da gwamnati ta zaɓi ta yi ko ta ƙi yi. Harold Lasswell ne ya fara kasa aikin mataki-mataki a 1956, ya kawo bakwai. Biyar muke bi a wannan darasi.

Shiga ajanda. Matsaloli sun fi ƙarfin lokacin gwamnati da kuɗinta, saboda haka tambayar ita ce: me ya sa aka ɗauki wannan aka bar waccan? Cobb da Elder sun bambanta ajandar jama'a, wato abin da ake magana a kansa a kasuwa da rediyo, da ajandar hukuma, wato abin da ya hau teburin masu yanke hukunci. John Kingdon a 1984 ya ce sai abu uku sun haɗu: matsalar ta bayyana, a samu mafita a hannu, siyasa kuma ta ba da dama. Misali na kusa shi ne gubar dalma a Anka da Bukkuyum. Ana niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje tun kafin hukuma ta waiwayo. A 2010, da yara suka riƙa mutuwa, likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta MSF suka gano musabbabin, sannan maganar ta shiga ajanda. Akalla yara 400 aka rasa. Duk wanda ya kawo wannan misali, ya nuna mini abubuwa ukun na Kingdon a cikinsa, kada ya tsaya ga ba da labari.

Tsara manufa. Ma'aikatu, masana, kwamitocin majalisa da ƙungiyoyin masu ruwa da tsaki suna jera hanyoyin da za a iya bi, a auna kuɗi da amfanin kowace.

Yanke shawara. A nan zaɓi yake samun ƙarfin doka. Sashe na 58 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa kwana 30 ya sa hannu kan ƙudiri ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu bisa uku na kowace majalisa na iya mai da shi doka. Ku riƙe sunaye biyu: Herbert Simon, wanda ya ce ilimin mai yanke hukunci da lokacinsa suna da iyaka, don haka yakan ɗauki abin da ya wadatar, da Charles Lindblom, wanda a 1959 ya ce gwamnati kan ɗan gyara abin da ta tarar ne, kaɗan-kaɗan.

Aiwatarwa. Nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki, nan ne kuma manufofinmu suka fi mutuwa. Pressman da Wildavsky sun nuna a 1973 cewa yawan hannayen da aiki zai ratsa yana rage yiwuwar ya isa yadda aka tsara shi. Michael Lipsky a 1980 ya ƙara da cewa ma'aikacin da ke fuskantar jama'a, malamin firamare ko malamin gona ko ma'aikaciyar asibiti, shi ne yake fassara manufa a aikace. Dubi shirin UBE na ba kowane yaro ilimin matakin farko: an ƙaddamar da shi a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, amma jiha ba ta karɓar tallafin tarayya sai ta ajiye nata kason. Inda aka jinkirta kason, ginin aji ya tsaya, dokar kuwa tana nan lafiya lau a takarda. A ƙauyen Bagega da ke Anka ma sai 2013 aka fara kwashe ƙasar da gubar ta gurɓata, shekara uku bayan an san matsalar. Ku iya bambanta kallon aiwatarwa daga sama, wato ko an bi umarni, da kallonta daga ƙasa, wato abin da ma'aikaci da talaka suka gani.

Auna sakamako. Akwai awon da ake yi ana cikin aiki don a gyara, akwai na bayan an kammala. Kada ku rikita abin da aka samar da canjin da ya haifar. A shirin rancen manoma da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, yawan buhunan taki da aka raba abin da aka samar ne. Ko shinkafa ta ƙaru, ko manomi ya samu riba, ko an biya bashin, wannan ne sakamako. Awo yakan kai ga ci gaba da manufa, gyara ta, ko soke ta, daga nan sabuwar matsala ta shiga ajanda. Hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 da ɗage hanin a Disamba 2024 misali ne.

Ku shirya wa tambayar sukar wannan tsari na matakai, domin tana yawan fitowa. Matakan kan cuɗanya, wani lokaci a tsallake wasu, kuma tsarin yana bayyana jerin aiki ne ba tare da ya faɗi dalilin faruwar abu ba. Idan ta fito, ku kawo suka biyu, kowace da misalinta, sannan ku faɗi amfanin tsarin wajen rarrabe wa ke da alhakin me a kowane mataki.